Yallaɓai, Za Ka Ba Da Shaida a Kaina?

A shekarun da tafireta ke mulkin ofisoshin gwamnati, neman takardar shaida wurin tsohon shugaba aikin ƙafa ne. Wanda ya bar ma'aikata ya koma wani gari, in ya ji an buɗe gurbi a wani wuri, sai ya shiga mota ya dawo. Ya yi sammako ya zauna a benci bakin ofis, ya gaisa da masinja, ya gaisa da sakatare, ya jira har maigida ya sallami baƙin da suka riga shi. In an shigar da shi a gaisa, a tambayi iyali da mutanen gida, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Maigida ya aika rajista a ɗauko fayil ɗinsa, ya buɗe ya ga ranar da aka ɗauke shi, ya leƙa fom ɗin APER na shekarunsa na ƙarshe, ya ga ko an taɓa ba shi takardar gargaɗi. Daga nan sai ya kira mai buga tafireta ya faɗa masa layi huɗu ko biyar: wane ya yi aiki a ƙarƙashina daga shekara kaza zuwa shekara kaza, a matsayi kaza, ban san shi da wani abin ashsha ba. A sa kabon a buga biyu, ɗaya a jefa fayil, ɗaya maigida ya sa hannu a danna hatimi. Takardar nan guda ita mutum zai yi ta kai wa mai hoton takardu shekara da shekaru, domin ba a rubuta ta ga wani takamaiman mai karɓa ba.

Duk wahalar da ke cikin wannan tsari tana wuyan mai nema. Shi ya biya kuɗin mota, shi ya ɓata yini, wani lokaci ma ya kwana gidan aboki saboda maigida ya tafi rangadi. Abin da ya rage wa shugaban bai wuce minti goma ba, kuma ba a bar shi da ƙwaƙwalwarsa kaɗai ba: ga fuskar mutumin a gabansa, ga fayil a kan tebur, ga wanda zai buga. Da wuya ka ji an ƙi.

Yanzu abin ya juye. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, imel da WhatsApp suka biyo baya, roƙon ya zama abu mafi araha a duniya, aikin kuma ya koma kan wanda aka roƙa. Na shugabanci sashen kaya da ajiya a wani shirin kiwon lafiya na tsawon shekaru, yara da yawa sun wuce ta hannuna, saboda haka na san yadda saƙon yake zuwa. Da daddare, daga lambar da ba ka da ita: "Salam Yallaɓai, na sa sunanka a wani aiki, za su tuntuɓe ka." Ba suna, ba shekara, ba a faɗi wane aiki ba. Hoton da ke kan lambar na jariri ne. Bayan kwana biyu sai ga imel daga wata ƙungiya, da fom mai shafi uku, ana so a mayar kafin Juma'a.

Fom ɗin kuwa ba layi huɗun da ba ne. Ana tambayar watan da mutum ya fara da watan da ya bari, sunan muƙaminsa daidai, ko kai ne shugabansa kai tsaye, dalilin barinsa, inda yake da ƙarfi da inda yake da rauni, da ko za ka sake ɗaukarsa in dama ta samu. Ƙungiyoyin agaji na ƙasa da ƙasa, waɗanda suka yawaita a Maiduguri da Damaturu da Yola saboda rikicin arewa maso gabas, sun ƙara wata tambaya mai nauyi bayan badaƙalar da ta girgiza harkar agaji a 2018: ko an taɓa samun mutumin da laifin cin zarafi ko lalata da waɗanda ake taimaka wa. Jami'o'in waje kuma yawanci ba sa bari takardar ta bi ta hannun ɗalibi. Shafinsu ne ke aika wa mai shaida wurin da zai latsa ya cika da kansa, kuma in wa'adi ya cika shafin ya rufe, ba sakataren da za a roƙa ya ɗaga ƙafa. A ganina wannan tsari ya fi na da gaskiya, domin takardar da mutum ke yawo da ita a jaka ba ta taɓa faɗin aibinsa ba. Amma ya mayar da alfarmar minti goma ta zama aikin awa guda ko biyu, ga mutumin da ba fayil a gabansa, wataƙila ma ya bar ofishin da fayil ɗin yake.

Don haka wanda ke son a ce masa to, sai ya maido wa kansa nauyin da fasaha ta sauke masa. Abin da masinja da rajista da mai buga tafireta suke yi wa maigida a da, yanzu mai nema ne zai yi shi.

Akwai wani tsoro da matasa ba sa lura da shi, alhali shi ne ya fi sa dattawa jan ƙafa. A ƙasar nan sa hannu a takardar wani ya sha jefa mutane cikin rigima. Kamfanoni da yawa, musamman masu ɗaukar mai karɓar kuɗi ko direba ko mai kula da sito, suna neman garanto: wanda zai ba da hotonsa da katin shaidarsa da adireshin gidansa, ya sa hannu cewa in yaron ya gudu da dukiya shi za a nema. Duk ma'aikacin da ya kai shekara hamsin da haihuwa ya san labarin wani da 'yan sanda suka ƙwanƙwasa wa ƙofa saboda irin wannan sa hannu. Mai ba da shaida kuwa ba ya ɗaukar bashin kowa, abin da ya sani kawai zai faɗa. Amma in ka ce wa dattijo "ina so ka tsaya min" ka yi shiru, garanto ne zai fara zuwa ransa, sai ka ji ya ce bari ya yi shawara. Jimla guda tana kawar da wannan: shaida ce kawai kan aikin da na yi a ƙarƙashinka, ba garanto ba ne, ba a neman hotonka ko takardun gidanka. In kuma garanton ake nema, a faɗa ƙarara tun farko. Shigo da shi da sunan shaida yaudara ce, kuma ranar da fom ya iso zai gani.

Sai kunya, wadda ita ce ta fi wahalar sha'ani. Babba ba ya son ya dubi wanda ya yi masa aiki ya ce a'a. Zai ce "To, ba komai, Allah ya kai mu," ko da a ransa ya san ba zai iya yabon mutumin ba, ko bai tuna shi ba sam. A da wannan bai cika cutar da kowa ba, domin in ka ga ana ta ce maka ka dawo gobe, ka fahimta, ka nufi wani ofis. Yau ba ka gani. Kana zaune kana jiran kiran aiki, fom yana kwance a akwatin imel ɗinsa, har ma'aikatar ta gaji ta kira wanda ke bin ka a jeri. Ko kuma ya cika shi sama-sama, kowace tambaya ya amsa da kalma ɗaya, wanda masu ɗaukar aiki ke karanta shi a matsayin ƙin yabo. Shi ya sa nake ganin buɗe masa ƙofar fita na cikin sauƙaƙa masa amincewa. In ka ce masa, in lokaci bai ba ka dama ba wallahi ba komai, akwai wanda zan iya tambaya, ka ba shi uzurin da zai fake da shi ba tare da kowa ya ji kunya ba. Wanda kuma ya ce to bayan an nuna masa ƙofar, to ɗinsa na gaske ne.

Mafi kyawun roƙon da aka taɓa yi min ya zo ne daga wata yarinya da ta riƙe mana sito na magunguna kusan shekara biyu, ta tafi saboda aure ya kai ta wani gari. Ba ta ɓace gaba ɗaya ba, takan turo gaisuwar salla, don haka lambarta na nan a wayata. Wata rana da yamma ta kira, muka gaisa, ta tambayi Hajiya da yara, ta ce akwai alfarmar da take nema amma ba ta so in amsa a waya, za ta turo a rubuce in duba a natse. Ga abin da ta turo, kusan yadda yake:

"Yallaɓai, barka da yamma. Ni ce wadda ta riƙe sito na magunguna a ƙarƙashinka daga Maris 2017 zuwa Janairu 2019. Na nemi aikin jami'ar kula da kaya a wata ƙungiyar agaji a Maiduguri, na yi intabiyu, sun ce in ba su sunan shugabannina biyu na baya. Ina neman izininka kafin in ba da naka. Shaida ce kawai kan aikina, ba garanto ba. Za su turo fom ta imel a cikin mako mai zuwa, sun ce sukan ba da kwana biyar, kuma mai yiwuwa su kira a waya. In ka amince, ka faɗa min imel da lambar da kake so in ba su. In kuma hidima ta yi yawa a wannan lokaci, wallahi ba komai, zan tambayi wani. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Ba abin da na rasa a ciki. Na san wace ce, na san me ake so, na san yaushe, na san ta inda zai zo. Da na ce to, sai ta turo abu uku: takardar tarihin karatunta da aikinta, tallar aikin yadda ƙungiyar ta fitar, da wani shafi guda da ta rubuta don ni kaɗai. Shafin nan shi ne fayil ɗin da rajista ba za ta kawo min ba. A samansa ta sa sunanta yadda yake a takardun makaranta, domin mu da sunan gida muke kiranta, fom kuwa da na takarda zai zo. Ta sa sunan muƙaminta yadda yake a takardar ɗaukarta aiki, da watannin farawa da bari. Sai ta tuna min abubuwa uku da na gani da idona. Ita ce ta sake jera kantocin sito yadda maganin da wa'adinsa ya fi kusa ƙarewa zai riƙa fita da farko. Ita ce ta riƙa daidaita katin kaya da laja duk ƙarshen wata, har masu binciken kuɗi suka zo ba su sami giɓi a sashenta ba. Kuma ita ce, daren da injin wuta ya lalace, ta kwashe allurai daga firiji zuwa akwatunan sanyi ta kira ni kafin asuba. Wannan na ƙarshe na manta da shi ɗungurungum, amma ina karantawa ya dawo min har da ruwan saman da aka yi a daren.

Ba ta rubuta cewa ita mai gaskiya ce ko mai ƙwazo ba. Ta kawo abin da ya faru, ta bar min hukunci. Abubuwa ukun ma ba haka kawai ta tsinto su ba, domin tallar aikin ta ambaci kula da wa'adin kaya da riƙon lissafi da aiki cikin matsi, ita kuma ta kawo misali ɗaya ga kowanne.

A ƙasan shafin akwai layi biyu da suka fi komai burge ni. Ta ce a intabiyu ta faɗa musu aure ne ya sa ta bar aiki, kuma da suka tambaye ta rauninta ta ce a lokacin ba ta iya aiki da kwamfuta sosai ba, daga baya ta koya. Mutane ba sa tunanin wannan, alhali nan ake faɗuwa. Mai ɗaukar aiki yana ajiye abin da ka faɗa kusa da abin da shugabanka ya rubuta, yana neman inda suka saɓa. In kai ka ce shekara uku, shi ya ce biyu saboda mantuwa, ba za a ce tsoho ya manta ba, za a ce yaro ya ƙara gishiri. Haka in rabuwarku ba ta yi daɗi ba, ko an taɓa ba ka takardar gargaɗi, gara ka ɗauko zancen da kanka ka tambaye shi abin da zai iya faɗa in an tambaye shi. Ba roƙonsa za ka yi ya ɓoye ba. So kake ka san inda ka tsaya kafin ka miƙa sunansa.

Ranar da ƙungiyar ta aika fom, ta turo min gajeren saƙo cewa ya fita, ga sunan da zai bayyana a matsayin mai aikowa, in ban gani ba in duba cikin Spam. Can kuwa na same shi. Ta kuma gaya min cewa in sun kira, lambar baƙuwa ce, domin ta san irinmu mun daina ɗaga lambar da ba mu sani ba saboda 'yan damfara. Ana saura kwana biyu ta tuna min sau ɗaya, cikin ladabi. Cika fom ɗin bai ɗauke ni rabin awa ba.

Kwana biyar ɗin nan ƙungiyar ce ta yanka, ba yadda za ta yi. Inda wa'adin ke hannun mai nema, kamar neman gurbin digiri na biyu ko tallafin karatu irin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda ke neman shaidar mutum biyu, ban ga dalilin da zai sa a ba mutum ƙasa da mako uku ba, wata guda ya fi. Wasiƙa ce cikakkiya ake so a can, ba cike gurbi ba. In kuma wurare biyar kake nema, ka faɗa masa biyar ne tun ranar farko, ka jera su da ranakunsu a takarda ɗaya. Kada ka karɓi to ɗaya ka yi ta cirar riba a kansa har shekara ta zagayo.

Akwai al'adar da ta yaɗu wadda nake da ja a kanta, wato "rubuto ka kawo in sa hannu." Na fahimci inda ta fito, shugaba ba lokaci, yaro na sauri. Amma wasiƙar da mutum ya rubuta wa kansa tana da wari. Yabo ya yi yawa, misali babu, kuma in shugabanni biyu duk sun ce masa haka, sai wasiƙu biyu su iso da salo ɗaya da kuskuren rubutu iri ɗaya. Wani lokaci ma sunan mai neman yana nan maƙale cikin bayanan fayil ɗin PDF a matsayin wanda ya rubuta. In shugaba ya ce ka rubuto, abin da ya fi shi ne ka kai masa irin shafin yarinyar nan, ka ce ga kayan, Yallaɓai, a sa su a bakinka. In ya nace sai daftari, ka tsaya kan ranaku da ayyukan da aka yi, ka bar masa sakin layin da zai faɗi ra'ayinsa. Abin da ba shi da mafita shi ne buɗe imel da sunan shugaba a cika fom a madadinsa, ko da ya ce ya yarda. Kira ɗaya zuwa ofishinsa ya isa ya tona, kuma wanda aka kama da wannan ba aikin kaɗai yake rasawa ba.

Kyauta ma ta sauya ma'ana. Wanda ya zo daga nesa a da yakan riƙo tsaraba, ɗan kilishi ko goro, ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai sai gaisuwa. Amma kuɗi ko katin waya da ya shigo tare da roƙon shaida yana kama da farashi, kuma mutumin kirki zai ji an taɓa mutuncinsa. Abin da muke so a bayan fage bai kai haka tsada ba, a dawo a gaya mana yadda aka ƙare. Yarinyar ta kira bayan makonni ta ce an ɗauke ta. Da yawa ba ka sake jin ɗuriyarsu sai wani fom ya taso.

Matsalar da ta fi sabunta ita ce ta shugaban da ya yi ritaya. Ma'aikacin gwamnati yawanci yana ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, kuma ranar da ya miƙa makulli ya rabu da takarda mai tambarin ofis da hatimi, da imel na ma'aikata in ma yana da shi. Wurare da yawa kuwa suna ɗari-ɗari da shaidar da ta fito daga Gmail ko Yahoo, tun da kowa na iya buɗe su da kowane suna. Wannan ba dalilin tsallake mutumin da ya fi kowa sanin aikinka ba ne. Tun kafin ka ba da sunansa ka rubuta wa masu ɗaukar aikin cewa shugabanka na wancan lokaci ya yi ritaya a shekara kaza, ga muƙamin da ya riƙe, ga lambarsa, ko za su karɓi imel ɗinsa na kansa ko za su fi son su kira shi. Sau da yawa sukan karɓa, musamman in ka haɗa da mutum na biyu da ke ofishin har yanzu, wanda zai tabbatar da ranakun daga fayil. In dattijon ba ya hulɗa da kwamfuta, ka nemi ɗansa ko wani na gida ya zauna kusa da shi, shi yana faɗa ana bugawa, a karanta masa ya ji kafin a aika. Kai dai kada ka zama mai bugawar, kuma kada ka zauna a ɗakin.